Wutsiyar Jeri: Inda Ƙidayar Kwamfuta Ke Yaudarar Mai Lissafi

Tambayar gajera ce, irin wadda malamin kalkulas kan rubuta a allo minti biyar kafin a tashi: a tara 1/3 + 1/8 + 1/15 + 1/24, a yi ta tafiya haka ba tsayawa, a faɗi abin da jimillar za ta zama. Kowace gaɓa ta wannan jeri tana fitowa ne daga 1/(n(n+2)), idan aka sa n ya zama 1, sannan 2, sannan 3, har illa masha Allahu. A ce wata ɗaliba ta zauna da biro da takarda, ta raba kowace gaɓa gida biyu, ta soke waɗanda ke cinye juna, ta fito da amsa: rabi. Yaya za ta san ko ta dace?

Abu mafi sauƙi shi ne ta tara gaɓoɓin farko da hannu. Ta farko 0.333, ta biyu 0.125, ta uku 0.067. Ukun sun ba da 0.525. An riga an wuce rabi, kuma duk gaɓoɓin da suka rage ƙari ne, babu ragi a cikinsu. Amsarta ta faɗi tun ba a je ko'ina ba. Kuskuren da ta yi sananne ne: a wajen soke-soken, gaɓoɓi biyu ne ke tsira a farkon jerin, 1 da 1/2, ita kuwa ɗaya ta bari. Rabin 1 + 1/2 shi ne 3/4.

Wannan jimilla da ake samu idan an tsaya a wata gaɓa, a kira ta jimillar rabin hanya, ta yi aikinta a nan. Ta ƙaryata amsar da ba daidai ba cikin daƙiƙa talatin. Matsala tana farawa ne ranar da aka nemi ta yi ɗaya aikin, wato ta gaskata amsa, ko ta faɗi ko jeri yana da matsaya ko ba shi da ita. A nan ba ta da ƙarfin shaida, ko da kwamfuta ce ta tara gaɓoɓi biliyan.

Kafin a zo nan, bari a ga abin da manhajar aljabara ke yi da tambayar ɗalibar. Manhajar aljabara ta bambanta da kalkuleta ta hanya guda: da alamomi take aiki. Idan aka ba ta 1/3 tana riƙe shi a 1/3, ba ta yanke shi ya koma 0.3333, kuma tana sarrafa n da x yadda mutum ke yi a takarda. Kakar irin waɗannan manhajoji ita ce Macsyma, wadda aka fara a jami'ar MIT ta Amurka a 1968; jikarta Maxima tana nan har yau, kyauta. Maple ta fito daga Jami'ar Waterloo ta Kanada, Mathematica ta shigo kasuwa a 1988, su biyun na kuɗi ne. SymPy kuwa kyauta ce, a cikin harshen Python take, kuma tsohuwar kwamfutar cinya ma tana iya ɗaukarta. Da ita za a yi misalan nan.

```
from sympy import *
n = symbols('n', integer=True, positive=True)
Sum(1/(n*(n+2)), (n, 1, oo)).doit()
```

Allo zai nuna `3/4`. Alamar `oo`, harafin o sau biyu, ita ce yadda SymPy ke rubuta rashin iyaka. Manhajar ba ta tara gaɓa ko ɗaya ba. Ta gano tsarin jerin ne, ta yi soke-soken da ɗalibar ta yi ƙoƙarin yi, ba tare da ta manta kowa ba. Ga mai son ƙarin tabbaci akwai siffar jimillar rabin hanya kanta: idan aka tsaya a gaɓa ta N, abin da ke hannu shi ne 3/4 − ½(1/(N+1) + 1/(N+2)). A gaɓa ta 1,000 wannan ya ba da 0.7490. Takarda, manhaja da ƙidaya duk sun haɗu a wuri ɗaya, kuma an san daidai abin da ya rage a baya.

Wani abu da ke kayar da masu fara koyo: baka. Wanda ya rubuta `1/n*(n+2)` maimakon `1/(n*(n+2))` ya tambayi wani jeri ne dabam, wanda gaɓoɓinsa ke nufar 1, kuma manhajar za ta ba shi amsar tambayar da ya yi, ba wadda ke ransa ba. Shi ya sa gwanaye kan sa ta fitar da gaɓoɓi huɗu ko biyar na farko tukuna, su gwada da na takardar tambaya, kafin su nemi jimilla.

To, ga inda ƙasa ke zamewa. A ɗauki jerin 1 + 1/2 + 1/3 + 1/4, a yi ta tafiya. Masana suna kiransa jerin hamonik, kuma ba a taɓa yin jerin da ya fi shi kamannin mai matsaya ba. Gaɓoɓi goma na farko sun ba da 2.93. Ɗari sun ba da 5.19. Dubu sun ba da 7.49. Miliyan guda cur, 14.39. A wannan wuri kowace sabuwar gaɓa kashi ɗaya ne cikin miliyan, lambobin da ke kan allo kamar an kafe su da ƙusa. Duk wanda ya zuba musu ido zai rantse jimillar na shirin zama a wajen 15 ko 16.

Kallon kitse yake yi wa rogo. Jerin ba shi da matsaya ko kaɗan, kuma an san haka tun wajen shekarar 1350, lokacin da wani malami Bafaranshe, Nicole Oresme, wanda daga baya ya zama bishop na garin Lisieux, ya kawo hujjar da ɗan sakandare zai iya bi. Oresme ya kasa gaɓoɓin kashi-kashi, yadda mai tumatir ke kasa kayanta. Kashin farko 1/2 ne shi kaɗai. Na biyu 1/3 + 1/4, wanda ya fi 1/4 + 1/4, wato ya fi rabi. Na uku gaɓoɓi huɗu ne, daga 1/5 zuwa 1/8, kowace ba ta gaza 1/8 ba, don haka shi ma ya fi rabi. Na huɗu gaɓoɓi takwas, na biyar goma sha shida. Kowane kashi ya ninka na bayansa tsawo, amma kowanne yana kawo aƙalla rabi, kuma kashin ba ya ƙarewa. Wanda ke ƙara rabi a kan rabi ba tsayawa, babu adadin da ba zai wuce ba.

Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Jimillar tana fara ƙetare 10 a gaɓa ta 12,367. Kafin ta ƙetare 20 sai an kai gaɓa ta 272,400,600. Kafin ta kai 100 kuwa ana bukatar gaɓoɓi kusan 1.5 × 10^43, adadi mai lambobi arba'in da huɗu. Kwamfutar da ke tara gaɓa biliyan a kowace daƙiƙa, da an kunna ta tun farkon sararin samaniya, shekara biliyan 13.8 ta lissafin masana taurari, da har yanzu ba ta kama hanya ba. Ma'ana, babu wata ƙidaya da za a taɓa yi wadda za ta nuna wa ido rashin matsayar wannan jeri. Hujjar Oresme, layi biyar a takarda, ta nuna shi.

Abin ya fi haka muni, domin kwamfuta ba gazawa kawai take yi ba, tana iya ba da shaidar zur. Lambobi masu ɗigo da take aiki da su suna da iyakar wuri. A tsarin da ake kira `float32` tana riƙe lambobi kusan bakwai ne kawai na kowane adadi, a `float64` kusan goma sha shida. Ga gwajin da kowa zai iya yi:

```
import numpy as np
s, n = np.float32(0), 0
while True:
    n += 1
    t = s + np.float32(1) / np.float32(n)
    if t == s:
        break
    s = t
print(n, s)
```

Umarnin ya ce a yi ta tarawa har sai ƙari ya daina canza jimilla. Bisa hujjar Oresme bai kamata ya taɓa tsayawa ba. Amma yana tsayawa, a gaɓa ta 2,097,152, da jimilla 15.403683. Dalilin kamar na sikelin auna manyan motoci ne: a jefa ƙwayar gero a kan tirelar da ke bisansa, allurar ba za ta motsa ba. Adadin da ke tsakanin 8 da 16, a `float32`, taku mafi ƙanƙanta da zai iya yi kusan kashi ɗaya ne cikin miliyan. Da zarar gaɓar da ake ƙarawa ta sauko zuwa rabin wannan taku, sai a share ta. Bambancin shi ne a kan sikeli geron yana taruwa har ya zama buhu, allura ta motsa; a cikin kwamfuta kowace ƙwaya ana zubar da ita ne nan take, don haka ko shekara aka yi ana ƙarawa, 15.403683 ɗin nan ce dai.

Kuma ko ita wannan lamba ba daidai ba ce. Ainihin jimillar gaɓoɓi 2,097,152 na farko kusan 15.13 ce. Ƙananan kurakuran cikawa da yankewa sun taru sun ɗaga ta. Idan aka koma `float64`, wanda shi Python ke amfani da shi in ba a ce komai ba, labarin bai canza ba, an dai ɗage ranar ne: jimillar tana daskarewa a wajen 34.12 bayan gaɓoɓi kusan tiriliyan 281.

Manhajar aljabara ba ta faɗa wannan rami, saboda ba ta bi ta hanyar. Idan aka rubuta `Sum(1/n, (n, 1, oo)).is_convergent()` za ta ce `False`, wato babu matsaya. Tana gwada gaɓar jerin ne da jarrabawoyin da ke cikin littattafan kalkulas, irin su kwatanta jeri da wani sananne ko duba yadda kowace gaɓa ke raguwa a kan ta bayanta.

Wani zai ce ai jerin hamonik kowa ya san shi, ba wanda zai ruɗa. Gaskiya ne. To ga tagwaye waɗanda ba kowa ya san fuskarsu ba. Na farko gaɓarsa 1/(n ln n), na biyu 1/(n (ln n)²), duka ana farawa daga n = 2. Alamar ln logaridim ce ta asali. Abin da mai karatu ke bukatar sani game da ita shi ne tana girma a hankali ƙwarai: ta dubu kusan 6.9 ce, ta miliyan 13.8, ta biliyan 20.7.

A gaɓa ta dubu, na farko yana 2.73, na biyu 1.96. A ta miliyan, 3.42 da 2.04. A ta biliyan, 3.83 da 2.06. Dukansu suna rarrafe, dukansu ba su tsaya cik ba. Mai kallon allo zai iya cewa duka biyun za su tsaya, ko ya ce duka biyun za su yi ta tafiya, kuma lambobin ba za su musa masa ba. Gaskiyar ita ce Hassan ba shi da matsaya, Husaini yana da ita. Na farko zai wuce kowane adadi, amma kafin ya kai 10 kacal sai an tara gaɓoɓin da yawansu adadi ne mai lambobi sama da 4,300. Na biyu yana da matsaya a 2.1097, kuma bayan gaɓoɓi biliyan bai ma samu lamba ta farko bayan ɗigo daidai ba: yana cewa 2.06 alhali amsar 2.11 ce. Kafin tarawa zalla ta matso kusa da amsar da tazarar da ba ta kai 0.005 ba, sai an yi gaɓoɓi kusan 10^87.

Wannan misali ya rushe wata al'ada da ta zama ruwan dare a cikin ƙananan shirye-shiryen ɗalibai, har da na wasu injiniyoyi: a yi ta tarawa, in gaɓa ta yi ƙanƙanta, a ce ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan, a tsaya a ɗauki jimilla. Ƙanƙantar gaɓa ɗaya ba ta faɗin komai game da nauyin duk waɗanda ke biye da ita. A gaɓa ta miliyan ta jerin Husaini, abin da ake ƙarawa kusan kashi biyar ne cikin biliyan, amma abin da ya rage a baya ba a tara ba ya kai 0.07. A jerin Hassan, abin da ya rage ba shi da iyaka. Tambayar da ya kamata a yi ita ce: wutsiyar nawa ce?

Wutsiya ita ce jimillar duk gaɓoɓin da ke bayan inda aka tsaya. Ba a iya tara ta, amma sau da yawa ana iya auna ta, kuma a nan ne aikin ke da daɗi.

Idan gaɓoɓin jeri duka ƙari ne kuma suna raguwa a kai a kai, ana iya zana su kamar ginshiƙai a jere, kowanne faɗinsa ɗaya, tsayinsa girman gaɓar, kamar matakalar bene mai gangarowa. Sai a ja lanƙwasasshen layi ya bi ta kan matakan. Filin da ke ƙarƙashin layin, wanda kalkulas ke aunawa da abin da ake kira intigiral, ya ɗan fi na ginshiƙan idan an fara awon daga N, ya ɗan gaza idan an fara daga N+1. Wutsiyar ta shiga tsakanin awo biyu ke nan, ba ta da wurin gudu.

A fara gwada dabarar a inda aka san amsa. Jerin 1 + 1/4 + 1/9 + 1/16, wato 1/n², shi ne wanda Pietro Mengoli ya jefa wa masana a 1650, ya gagare su sama da shekara tamanin, har Leonhard Euler, ɗan garin Basel na Suwizalan, ya nuna cewa jimillarsa π²/6 ce, wato 1.6449341. SymPy tana mayar da `pi**2/6` cikin ƙiftawar ido. Gaɓoɓi dubu na farko sun ba da 1.6439346. Wanda ya gwada wannan da amsar Euler kai tsaye zai ga sun saɓa tun a lamba ta uku bayan ɗigo, ya fara zargin kansa ko littafinsa. Amma awon fili ya ce wutsiyar tana tsakanin 1/1001 da 1/1000. A ƙara kowanne a kan abin da ke hannu: amsar tana tsakanin 1.6449336 da 1.6449346. Ta Euler ta zauna a tsakiyarsu daram. Yanzu ne aka yi bincike na gaskiya, domin an san faɗin ƙofar da amsa za ta bi, kuma ƙofar kashi ɗaya ce cikin miliyan.

Sai a koma kan tagwayen. Ga Husaini, filin da ke ƙarƙashin layin daga N zuwa gaba 1/ln N ne. A tara gaɓoɓi har zuwa n = 1,000, a samu 1.96499. Wutsiyar tana tsakanin 1/ln 1001, wato 0.14474, da 1/ln 1000, wato 0.14476. Jimillar gaba ɗaya tana tsakanin 2.10973 da 2.10975. Gaɓoɓi dubu da layi biyu na kalkulas sun ba da lambobi huɗu bayan ɗigo, abin da gaɓoɓi biliyan suka kasa ba da ko ɗaya. Ga Hassan kuwa, filin yana girma ne kamar ln(ln N), logaridim ɗin logaridim, wanda ke tafiyar hawainiya amma ba ya tsayawa. Filin ba iyaka, jerin ma haka. SymPy ta yarda da duka biyun: `is_convergent()` tana ba da `False` ga na farko, `True` ga na biyu.

A lura da wani ɗan tarko a nan. A SymPy, `log` ita ce ln. A kan kalkuletar ɗalibai, maɓallin log na tushe goma ne. Wanda ya tara da kalkuleta ya gwada da manhaja zai ga saɓani mai girma, ya ɓata dare yana neman kuskuren da ba a lissafinsa yake ba.

Jerin da gaɓoɓinsa ke karɓa-karɓa, ƙari sannan ragi, yana da tasa ƙa'idar wutsiya mai sauƙi: in gaɓoɓin suna raguwa har zuwa sifiri, kuskuren tsayawa bai kai girman gaɓar da ke biye ba. Shahararren misali shi ne 4 × (1 − 1/3 + 1/5 − 1/7 ...), wanda Madhava na ƙasar Kerala a Indiya ya sani tun ƙarni na 14, kafin Leibniz ya sake gano shi a Turai, jimillarsa π ce. Gaɓoɓi 500,000 suna ba da 3.14159065358979324, ita kuwa π 3.14159265358979323 ce da ɗoriya. Lamba ta shida bayan ɗigo ba daidai ba ce, amma goma da ke biye da ita duk daidai suke. Abin sha'awa ne, kuma yana da bayani a tsarin wutsiyar. Ga mai duba amsa dai, lambobi biyar ne kawai ke hannu; abin da ya biyo bayan lambar da ta kauce ba ya shiga lissafi.

Duk wannan zai iya sa mutum ya ce to a bar ƙidaya, a miƙa wa manhajar aljabara wuya. Ita ma tana da nata halin.

Na farko, takan yi shiru. Idan aka nemi `doit()` a kan jerin Husaini, SymPy za ta mayar da tambayar yadda aka ba ta, `Sum` ɗin nan dai. Wasu sukan ɗauki wannan a matsayin alamar jerin ba shi da matsaya. Ba haka ba ne. Ma'anarsa kawai ba ta samo wata siffa tsaf irin 3/4 ko π²/6 ba, kuma yawancin jeri masu matsaya ba su da irin wannan siffa da aka sani. Haka nan `is_convergent()` takan ɗaga hannu a kan wasu jeri ta fitar da `NotImplementedError`, wato jarrabawoyin da ta sani ba su yanke hukunci ba. Wannan shirun gaskiya ne, ya fi amsar ƙarya.

Na biyu, takan ba da amsa da sharaɗi, mai sauri kuma ya kwafi amsar ya bar sharaɗin. A tambaye ta jimillar 1 + x + x² + x³ har abada, za ta mayar da abin da ya fara da `Piecewise((1/(1 - x), Abs(x) < 1)`, ma'ana amsar 1/(1 − x) ce muddin girman x bai kai 1 ba. Wanda ya yar da sharaɗin ya sa x = 2 zai samu cewa 1 + 2 + 4 + 8 da sauransu sun ba da −1. An tara riba a kan riba an tashi da bashi.

Na uku ya fi ɓoyuwa. Tare da SymPy akwai wata manhajar ƙidaya mai suna mpmath, wadda Fredrik Johansson ya fara, mai iya riƙe lambobi ɗari ko dubu bayan ɗigo. Umarninta na `nsum` ba tarawa zalla yake yi ba. Yana duba yadda jimillolin rabin hanya ke tafiya ne ya hango inda suka dosa, kuma a kan jeri masu ladabi yana ba da lambobi masu yawa daga gaɓoɓi kaɗan. Amma a gwada wannan:

```
from mpmath import nsum, inf
nsum(lambda k: -(-9)**k / k, [1, inf], method='shanks')
```

Jerin shi ne 9 − 40.5 + 243 − 1640.25 da sauransu. Jimillolinsa na rabin hanya 9 ne, sai −31.5, sai 211.5, sai −1428.75, kowace ta fi ta baya hauka. Babu matsaya ko ta kusa. Duk da haka allo zai nuna 2.302585, cikin natsuwa, ba gargaɗi. Lambar ba shirme ba ce: ln 10 ce. Jerin an gina shi ne a kan siffar ln(1 + x), wadda ke aiki in x bai wuce 1 ba, aka cusa masa x = 9, dabarar hangen kuma ta gano asalin da ya fito. Masu kimiyyar lissafi suna amfani da irin wannan da gangan, kuma suna samun alheri. Amma ɗalibin da aka tambaya ko jerin yana da matsaya, ya ga lamba ta fito ya rubuta "e, 2.3026", ya faɗi tambayar. Fitowar lamba a allo ba hujjar matsaya ba ce.

Shi ya sa tsarin da masu aikin ke bi yake farawa daga tambayar matsaya, a takarda, da hujjar da mutum zai iya karewa da bakinsa, sannan a ji ta bakin manhaja. In sun saɓa, a koma kan baka, da inda n ya fara, da irin logaridim ɗin da aka rubuta, domin mafi yawan saɓani a nan yake kwana. In akwai matsaya, a nemi siffarta, a karanta duk sharaɗin da ya zo da ita har ƙarshe. Ƙidaya ita ce ta ƙarshe, kuma ba ta zuwa ita kaɗai: jimillar rabin hanya da awon wutsiya tare suke tafiya, su ba da lamba ta ƙasa da ta sama. Amsar da ta faɗa wajen wannan tazara kuskure ce tabbas. Wadda ta faɗa ciki ta tsallake jarrabawa mai tsanani, gwargwadon ƙuncin tazarar.

Mai karatu da ke da kwamfuta a kusa zai iya gwada abu ɗaya a daren nan. Ya tara 1/n³ daga 1 zuwa 100, ya auna wutsiyar da 1/(2N²), sau ɗaya da N = 100, sau ɗaya da N = 101, ya ga ko 1.2020569 ta faɗa tsakani. SymPy za ta kira wannan adadi `zeta(3)` ta tsaya a nan, domin har yau ba a samo masa siffa irin ta Euler ba. Abin da Roger Apéry ya iya tabbatarwa a 1978 shi ne ba za a taɓa rubuta shi a matsayin wani cikakken adadi bisa wani ba.